Ranar da Famfo Ya Ciji Kumfa

"Ya sake cizona."

"Wa?"

"Wa muke da shi mai cizo a gidan nan? Abokin aikinka."

"Inji dai ba shi da haƙori."

"To zo ka taɓa."

"Ga shi na taɓa. Ga tafin hannu, ga bayan hannu. Ko kunci kike so in ɗora?"

"Kai ai fatarka ta daɗe da mutuwa, jana'iza ce kawai ba a yi mata ba."

Maƙwabta sun saba jin wannan muhawara tana tsallako katanga da hantsi, haɗe da ƙarar ruwa da ƙamshin sabulu. Mai kare injin shi ne Kumfa, wankin kaya sana'arsa. Mai ƙorafin kuma matarsa ce, wadda duk layin ke kira Inna.

Kumfa bai san wata sana'a ba bayan wanki. A gefen mahaifinsa ya buɗe ido yana miƙa sabulu, daga nan aka ba shi hankici da safa, sannan riga, har ya kai ga bargo, wanda sai mai ƙarfin ƙirji ke iya matsewa shi kaɗai. Sunan ma a wurin aiki ya same shi, don ba a taɓa ganinsa ba kumfa a gwiwar hannu ko a gemu ba. Yana gane kayan mutane ta wari. Ya ɗaga riga ya ce ta mai gyaran babur ce, ya ɗaga wata ya ce wannan malamin makaranta ne, kuma alli ya ƙare masa ya koma rubutu da alƙalamin maka. Kafin ya jiƙa kowane wando sai ya laluba aljihu, abin da ya samu ya zuba a wani tsohon gwangwanin madara da ke kan taga. Mabuɗai ne a ciki, da maɓallai, da tsinken sakace, har da haƙorin roba na wani dattijo da ya daɗe yana zargin jikokinsa.

Da wankin nan ya yi aure, da shi ya aurar. Sai kafaɗar dama ta fara yi masa gardama. Da fari da dare take ciwo, daga baya ta koma ko guga bai iya ɗagawa sama da ƙugu. Ya daina karɓar bargo, ya daina karɓar labule. Ranar da ya mayar wa mai masaukin baƙi na bakin titi da zannuwan gadonsa ba a wanke ba, ya dawo gida ya zauna a kan kifaffen baho.

Babbar 'yarsa ce ta ji labari daga inda take aure, ta aiko masa da injin wanki. Ba sabo ba ne, mai buɗewa ta gaba, fentin gefensa ya ɗan ɓare, amma yana juyi kamar ba gobe, har da dafa ruwa da kansa. Kumfa ya kafa shi a ƙarƙashin rumfar tsakar gida kusa da magudana, ya ɗinka masa riga da tsohon labule, ya raɗa masa suna Abokin Aiki. Mai masauki ya dawo da zannuwansa, shagon aski ya fara kawo tawul. Kumfa ya koma rarraba kaya da shanya da guga, injin na yin na ƙarfi. Har hira yake yi da shi. In ya zo matsa yana rawa yana ƙugi, sai ya dafa kansa ya ce, "A hankali, ba kora ake yi ba."

Inna kuwa Kunama take kiransa.

Tun farkon zuwansa ta ce in ta goga jikinsa tana jin kamar kiyashi na bin yatsunta. Kumfa ya ce rawar inji ce. Ta haƙura. Daga baya abin ya wuce kiyashi. Wata safiya ta zo wucewa da tsintsiya, gwiwar hannunta ta taɓa gefensa, sai ga tsintsiya a can, ita a nan. Kumfa ya zo ya shafa injin sama da ƙasa bai ji komai ba. Bai yi ƙarya ba. Shi dai tun yana saurayi ruwa ya taɓa cin ƙafarsa, daga nan bai sake tsayawa wurin wanki ba sai da dogon takalmin roba. Inna kuwa a tsakar gidanta ba ta san takalmi ba, kuma simintin wurin ba ya bushewa.

Rannan ta ajiye wayarta bayan sun gama magana da 'yar, ta zo ta tsaya a kansa yana ninke tawul.

"Malam, suna tafe ƙarshen mako, ita da yaron."

"Madalla. Ya fara tafiya?"

"Rarrafe yake, yana kama abu yana miƙewa. Duk abin da ya gani sai ya dafa, ya kai baki." Ta nuna injin da haɓa. "Ni na girma, in ya cije ni in yi tsaki in wuce. Jikana ba zai shigo gidan nan wannan abu na ciki ba. Ko ya daina, ko mai sayen gwangwani da tsofaffin ƙarafa ya zo da kurarsa."

Kumfa ya dubi injin, ya dubi kafaɗarsa. In Abokin Aiki ya fita, sana'ar ta fita tare da shi, wannan ba sai an gaya masa ba.

"Ki kira Auta mana," ta ce tana kwaikwayon muryarsa, kamar shi ya faɗa. "Au, na manta, kai ne ba ka so."

Auta ƙaninta ne, mai gyaran wuta, wanda duniya ke kira Fiyus saboda saurin hawa da saurin sauka. Tun yana yaro yake tsokanar Kumfa, girma kuma bai rage komai ba. Kumfa ya san in ya zo zai ga doguwar wayar da ya haɗa da hannunsa, wadda ta taso daga soket ɗin ɗaki ta bi ta taga ta zo rumfa, kuma labarin zai kai kowane taron dangi har ƙarshen rayuwarsa.

"Ba sai an tashi Fiyus daga aikinsa ba," ya ce. "Ƙaramin abu ne."

Da yamma ya kai maganar bencin ƙofar gida. Nan ya sha shawara. Mai shayi ya ce a ɗora injin a kan katako. Direba ya ce a sa masa tsohuwar taya a ƙasa. Wani tela da ya taɓa zama gida ɗaya da mai gyaran rediyo ya gyara zama ya ce duk ba haka ba ne, wuta ƙasa take nema, kuma ba abin da ya kai bututun ruwa shiga ƙasa. A ɗaura waya daga jikin injin zuwa famfo, wutar ta bi ta tafi abinta.

Maganar ta zauna wa Kumfa. Washegari ya zare filogi, ya kwance wani kusa a bayan injin, ya naɗa waya, ya ja ta zuwa famfon tsakar gida mai kan ƙarfe, ya murɗe ta da filaya. Ya ja da baya yana kallon aikinsa.

"Innar yara, an gama. Na ba wutar hanya."

"Allah ya sa ta san hanyar," in ji ta daga nesa.

Ya zuba tawul ɗin shagon aski, ya murɗa zuwa wankin ruwan zafi, ya tafi shanya. Rana ta ɗaga, ƙafafunsa suka yi gumi a cikin roba. Ya zo bakin famfo ya tuɓe takalman, ya taka jiƙaƙƙen siminti yana jin daɗin sanyin, ya miƙa hannu zai buɗe ruwa.

Yatsunsa kawai suka taɓa. Wani abu ya daki hannun tun daga farce har kafaɗa, kamar an fizge shi da igiya, haƙoransa suka haɗu. Bai san ya ja da baya ba, sai jin kansa ya yi zaune cikin bahon da ya jiƙa safa, ruwa ya fallatsa har bango.

Inna ta fito da gudu. Ba ta nufi wurinsa ba, ɗaki ta faɗa ta kashe soket ta zare wayar, sannan ta dawo ta durƙusa gabansa tana duba idonsa.

"Ƙirjinka fa? Kana jin numfashi?"

"Lafiya lau. Hannun ne kawai."

"Motsa yatsun in gani."

Ya motsa. Ta daɗe tana kallonsa, sai da ta tabbata, sannan gefen bakinta ya fara rawa.

"Famfo dai ba shi da haƙori, Malam."

Yana zaune cikin bahon, safar wani na lilo a gwiwarsa, idonsa na kan famfon. Gajere ne, daidai tsayin yaron da ya kama bango ya miƙe.

"Kira Auta," ya ce.

Fiyus ya iso kafin azahar, jakar aiki a kafaɗa, murya ta riga shi shigowa.

"Ina Mijin Yaya? An ce ka buɗe sabon reshe, yanzu har kanka kake jiƙawa."

"Shigo ka yi abin da ya kawo ka."

"Yaya, da ruwan zafi kika wanke shi ko da na sanyi? Na ga bai fita ba."

Yana dariya har ya iso rumfa. Da idonsa ya sauka kan wayar da ta tashi daga injin zuwa famfo, dariyar ta tsaya. Ya tambaya ko an zare filogi, aka ce an zare, ya je ya gani da idonsa, ya dawo da kan wayar a hannu ya ajiye inda kowa ke ganinsa. Sannan ya kwance wayar famfon. Ya ɗan ƙwaƙule siminti a gindin famfon da sukundireba, ya ƙwanƙwasa abin da ya bayyana.

"Ji nan. Kan famfon ne kawai ƙarfe, bututun roba ne har waje. Roba ba ta kai wuta ƙasa. Ka ɗebo wutar daga inji ka kawo ta inda kowa ke sa jiƙaƙƙen hannu, ka ce ta jira. Ko da ma na ƙarfe ne ba a yin haka, sai ka aika wa maƙwabta ita cikin bututu." Ya dubi Kumfa ba wasa a fuskarsa. "Da damƙa ka yi maimakon taɓawa, hannun ba zai saki ba. In ka ji ƙirjinka ya canza ko kanka na juyawa, yau ɗin nan asibiti, ba gobe ba."

Kumfa ya gyaɗa kai. Sai ya yi tambayar da ke cinsa tun yana cikin baho.

"Ya mutu ke nan? Injin?"

"Ban sani ba tukuna. Sai na gano ta ina take yoyo." Ya juya wurin yayarsa. "Ke ya fi cizo, ke za ki ba da shaida. Yaushe yake yi?"

Inna ta gyara ɗaurin zane, ta zauna a kan kujera kamar wadda aka daɗe ana hana ta magana.

"Iri biyu ne. Akwai na kiyashi, shi kullum yana nan, ko ba ya wanki, in dai an jona shi. Wannan tun zuwansa. Akwai kuma na kunama, shi bai daɗe da farawa ba."

"Shi kuma yaushe?"

"Ba kullum ba. Ranar kayan makaranta ba ya yi. Ranar zannuwan masauki da tawul ɗin aski, ranar ce ba a wucewa kusa."

"Me ya raba su?" Fiyus ya tambayi Kumfa.

"Fararen kaya da ruwan zafi nake yi. Sauran da na sanyi."

Fiyus ya tafa hannu. "Yaya, kin rage min rabin aiki. Da ke aka ba jakar nan da tuni na koma sayar da rake."

"Ni da aka ce rawar inji nake ji."

Fiyus ya fito da mitarsa ta auna wuta mai wayoyi biyu, ja da baƙa. Ya fara da injin a zare. Ya ɗora tsinke ɗaya a kan dogon ƙarfen filogin, na uku, ɗayan kuma a kan kusan da ba fenti a jikin injin. Mita ta yi tsuwa.

"Ka ji? Wannan dogon haƙorin shi ne na wayar ƙasa. A haɗe yake da jikin injin, lafiya lau. Aikinsa, duk wutar da ta ɓalle ta taɓa ƙarfen jiki, ya kwashe ta ya kai ƙasa kafin ta sami mutum. To mu bi hanyar mu ga inda ta yanke."

Suka shiga ɗaki, ya gwada soket ɗin bango. Suka zagaya bayan gida inda aka kafa sandar tagulla tun ginin gidan, ya share ciyawa, ya duba maɗaurin, ya auna. Nan ma ba laifi. Saura doguwar wayar. Ya sa tsinke a wannan kai, ya sa a wancan, mita ta yi shiru. Kumfa ya fara kallon shanya kamar ya ga hadari.

Fiyus ya kwance murfin soket ɗin da ke ƙarshen wayar, ya leƙa, ya miƙa wa yayarsa ta leƙa.

"Mijin Yaya, wane gwani ne ya yi wannan aiki?"

"Wani ne."

"Wanin nan ya ga wurin ɗaura waya uku, ya ɗaura biyu. Na ukun fa?"

"Wayar da na... da ya saya biyu ce a cikinta. Ya jona ya ga inji ya tashi. Ya ɗauka na ukun don filogi ya zauna daram ne."

"Allah ya ba wanin nan lafiyar kafaɗa."

Inna ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza.

Fiyus ya sa su duka suka koma bakin ƙofa, ya jona injin ba tare da ya kunna wanki ba. Ya taɓa jikinsa da testa, 'yar fitilar ta kama ja.

"Ga ta nan," in ji Kumfa.

"Testa ba ta da wuyar sha'ani, ko ƙanƙanuwar wuta ta gani sai ta kama. Ba ta gaya maka ƙarfinta ko daga ina take." Ya ja doguwar wayar gwaji daga ramin ƙasa na soket ɗin bango zuwa mita, ya ɗora ɗaya tsinken a jikin injin. "Kusan rabin wutar gidan. Wannan shi ne kiyashin Yaya. Akwai wani ɗan abu a inda waya ke shiga injin, mai tace wuta don kar ya dami rediyo da talabijin. Shi dama yana zubar da 'yar kaɗan a jikin ƙarfe, haka aka yi shi, don an san wayar ƙasa za ta kwashe. Da ba ta nan, sai ta taru tana jiran mai ƙafa a ƙasa. Kai kana cikin roba, ba ta da hanyar bi ta jikinka. Yaya ce hanyarta."

"To a sa wayar ƙasa, shi ke nan?"

"Shi ke nan ga kiyashi. Kunamar dabam ce, ita ce mai kisa, kuma ba a rufe ta da wayar ƙasa a ce an gyara. Sai an ciro ta."

Ya sake zare filogi, ya ɗan jira, suka ja injin gaba, ya kwance marfin baya. Kumfa bai taɓa ganin cikin Abokin Aiki ba. Ya leƙa a hankali, kamar mai duba maras lafiya. Fiyus ya haska fitila ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana neman inda rawar inji ta goge fatar waya a jikin ƙarfe, ko inda ruwa ke ɗiga a kan mahaɗa. Bai samu ba. Sai ya ciro wata na'urar daga jaka, ta fi mitar girma.

"Ita wannan tura wuta take yi mai ƙarfi, ta ga ko za ta sami kafar tserewa. Ƙaramar mita takan ce lafiya alhali akwai tsaga. Kar wanda ya taɓa komai in na danna."

Ya cire wayoyin moton da ke juya gangar, ya gwada tsakaninsa da jikin injin. Lafiya. Kumfa ya sauke numfashi, don ko shi ya san moto ne ran inji. Fiyus ya cire na abin da ke tura ruwa waje, ya gwada. Lafiya. Sannan ya sauka ƙasan gangar, inda wasu ƙarafa biyu suka leƙo, ya zare wayoyinsu, ya maƙala, ya danna. Lambar da ke fuskar na'urar ta faɗi ƙasa warwas.

"Sannu da ɓuya," in ji Fiyus.

Ya tsiyaye ragowar ruwan, ya sassauta noti, ya yi ta girgizawa har abin ya fito. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne, farin dutsen ruwa ya lulluɓe shi, zare da gashi sun nannaɗe. Ya kankare da farce ya nuna musu wani wuri da ya kumbura ya tsage.

"Hita ke nan, mai dafa ruwan. Wayar wuta na cikin bututun nan, bai kamata ta san ruwa ba. Ta nan ruwa ya shiga. Duk sanda inji ya kunna ta, wuta ta bi ruwa ta kama jiki gaba ɗaya. Shi ya sa sai ranar fararen kaya."

"Me ya hana abin akwatin wuta ya faɗi?" Inna ta tambaya. "Ai ko dutsen guga ya yi gardama yakan faɗi."

"Wancan sai wuta ta yi yawa sosai yake ji, waya yake karewa kar ta ƙone. Abin da zai kashe mutum bai kai ya tashe shi daga barci ba. Akwai wani dabam mai jin yoyo, yana lura da wutar da ta shiga da wadda ta dawo, in ya ga ta ragu ko kaɗan ya yanke nan take. Shi zan sa muku."

Kumfa ya karɓi hitar yana juya ta a hannu.

"Wannan ɗan abin ne kawai?"

"Shi ne, sai aikin wani."

"Ana samunta?"

"Layin masu kayan gyara cike yake da ita. Abokin Aikinka ba abin da ya same shi, zai ga auren jikanka."

Kumfa ya juya baya ya hau gyara wani zanen gado da ba abin da ya same shi a kan igiya. Ya daɗe yana gyarawa. Da ya juyo, fuskarsa ta kasa ɓoye komai, haƙora duk a waje.

Sauran yinin aiki ne. Fiyus ya hau babur ya dawo da sabuwar hita, da waya mai kauri mai uku a ciki, da soket mai murfi, da abin jin yoyon. Ya kashe wutar gidan daga akwati. Ya ja wayar cikin bututu a bin bango, ya kafa soket ɗin a rumfa sama da kafaɗar mutum, inda ruwa ba ya fallatsawa. Kumfa ne mai riƙe tsani da miƙa kusa, ana aika shi yana tafiya ba musu, abin da Fiyus ya ce bai taɓa gani ba tun da aka kawo shi gidan yana ɗan rakiyar amarya. Tsohuwar wayar kuwa Fiyus ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya ce ya san halin wani, in an bar ta zai kai ta ɗakin guga. Tela ya leƙo daga ƙofa jin ana ta bugun bango, ya tambaya ko dabararsa ta yi aiki. Inna ta ce ta yi, ta ce masa ya shigo ya sha ruwa a famfon. Ya ce yana sauri.

Da aka gama, Fiyus ya sake bin komai da na'urorinsa, daga filogi zuwa jiki, daga soket zuwa ƙasa, da sabuwar hitar. Ya mayar da wuta, ya nuna musu wani ɗan maɓalli a jikin abin jin yoyon, ya sa Inna ta danna. Ƙas, wutar rumfa ta ɗauke.

"Haka ake so. Lokaci-lokaci ku riƙa dannawa, in bai faɗi ba ku kira ni. In kuma ya faɗi da kansa, kar a yi ta mayar da shi, wani abu ya gani. Kuma daga yau ba a gwada wuta da hannu a gidan nan, ko da wa ake gardama."

Aka mayar da tawul ɗin aski, aka murɗa zuwa ruwan zafi. Suka tsaya su uku suna kallon gilashin har ya fara ɗumi. Fiyus ya ɗora mita a jikin injin, ya juyo da fuskarta gare su. Ba komai. Ya kai ta famfo, nan ma ba komai.

"Mai shaida," ya ce, "mita ta gama nata. Ko kina da ƙari?"

Inna ta matso. Ta tsaya gaban injin tana harararsa kamar maƙwabciyar da suka daɗe ba sa gaisawa. Ta ɗora yatsa ɗaya, ta ɗauke. Ta ɗora tafin hannu, ta bar shi. Injin na ta juyinsa, ɗumi na ratsa hannunta.

"Ashe ɗumi gare shi," ta ce.

"Ya zauna?" Kumfa ya tambaya a hankali.

"Ya zauna. Amma a sa ƙyaure a rumfar nan kafin su iso, kar yaro ya buɗe ya shige ciki."

"Gobe da safe."

Fiyus ya riga ya tuɓe rigar aikinsa, wadda maiƙo da ƙurar bango suka sauya wa launi, ya cilla ta kan kwandon kaya ya zauna da 'yar shara yana fifita da murfin kwali. Ya ce ba zai bar gidan ba sai an wanke ta an goge, kuma a sa mata kari mai kyau, yana da wurin zuwa. Kumfa ya ɗaga rigar da yatsu biyu ya shinshina, ya ce wannan ba wanki take so ba, addu'a take so. Ya laluba aljihun bisa al'ada, ya juya zai ɗauko sabulu, sai ya tarar Inna ta riga shi, kwalin na hannunta, tana leƙen 'yar durowar sabulun da ke saman injin mai rami uku. Fiyus ya fara dariya.

"Kai Auta, rufe bakinka, ba da kai nake ba," ta ce, ba ta ko waiwaya ba. "Malam, matso ka nuna min, a wane ramin ake zubawa?"